Yadda ake haɗa oda, webil da inbois kafin a biya mai kawo kaya

Akwai wani kuskure da na daɗe ina yi lokacin da nake sabon shiga a ofishin akanta na wani kamfanin rarraba kaya a Kano, inbois, wato takardar da mai kawo kaya yake neman kuɗinsa da ita, zai zo sai in ɗauko takardar oda in duba jimlar ƙasa, in ta yi daidai ko ta yi kusa sai in buga hatimi in tura a biya, ni a ganina na yi aiki. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, wanda ya rubuta inbois ɗin nan yana zaune ne a ofishinsu a Legas, odarmu ya kalla ya kwafa, bai ga motar ba, bai san abin da aka sauke a sitonmu ba. To ka ga dole inbois ya yi kama da oda, ai ɗansa ne. Takardar da ta san gaskiyar abin da ya shigo ita ce webil, wato takardar da take biyo kaya a mota, ita ma ba adadin da aka buga a jikinta ba, wanda mai sito ya ƙirga ya rubuta da biro.

Saboda haka aikin nan layi-layi ake yinsa, ba jimla da jimla ba. Kowane kaya sai ka tambaye shi abu uku: nawa muka ce a kawo kuma a nawa, nawa ya shigo lafiya, nawa ake so mu biya kuma a nawa. Bari mu ɗauki oda guda mu bi ta har ƙarshe da Excel, don shi ne kowa yake da shi.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ce mun ba da oda mai lamba 0417, kaya uku:

| Lambar kaya | Kaya | Adadi | Farashi |
|---|---|---|---|
| SB01 | sabulun wanki | katan 200 | 9,500 |
| OM02 | garin omo | katan 120 | 14,200 |
| MS03 | man shafawa | katan 50 | 36,000 |

Kayan ba su zo rana ɗaya ba. Motar farko ta kawo sabulu katan 150 da omo, webil ya ce omo 120, amma da aka sauke sai aka tarar ruwa ya bi ta tamfol ya jiƙa katan 3, mai sito ya ƙi karɓarsu ya rubuta 117 direba ya sa hannu. Bayan kwana huɗu mota ta biyu ta kawo ragowar sabulu 50 da man shafawa, sai dai su a webil ɗinsu dozin 200 suka rubuta ba katan ba. Inbois guda ɗaya ya biyo baya: sabulu 200 a 9,500, omo 120 a 14,200, man shafawa dozin 200 a 9,300. Kallon farko ba abin da za ka gani.

Mataki na farko yana bakin mota, ba a kwamfuta ba

Duk wata fomula da za ka rubuta a kan ƙirgar mai sito take tsaye, in ƙirgar ta rube komai ya rube. Abin da na fi so shi ne mai sito ya ƙirga tukuna kafin ya kalli adadin da ke webil, don mutum in an riga an gaya masa 120 ne, idonsa 120 zai gani, balle a ce magariba ta yi 'yan dako suna ta gaggawa direba yana ta hon yana so ya kama hanya. In an samu shot, wato kaya ba su cika ba, ko lalacewa a rubuta a jikin webil ɗin nan take, kwafinmu da kwafin direba duka, da kwanan wata, direba ya sa hannu kafin ya tada mota. In motar ta fita daga get ba a rubuta ba, wallahi maganar ta koma ka-ce-na-ce, su za su ce a sitonku aka kwashe, kuma ba ka da abin nunawa.

Sannan a tabbata lambar oda tana jikin kowane webil. In safulaya bai sa ba mai sito ya tambaya ya rubuta a sama. Webil mara lambar oda shi ne wanda zai ci maka rabin yini ƙarshen wata.

Tsamo abin da ake buƙata kawai

Buɗe shafi uku a fayil ɗaya, ka sa musu suna `ODA`, `KARBA` da `INBOIS`, kuma dukansu tsari ɗaya, don fomular da ka rubuta a ɗaya ta yi aiki a sauran. A kolum A lambar oda, B lambar kaya, C adadi, D awo wato katan ne ko dozin ko guda, E farashin ɗaya, F lambar ita takardar da kake kwafa daga ciki. A `KARBA` kolum E babu komai don yawanci webil ba ya ɗauke da farashi, kuma a C abin da aka karɓa lafiya za ka sa, omo 117, ba 120 ba.

Kowane layi na takarda layi ɗaya ne a shafi, kada ka tara da ka. Sabulun nan zai fito sau biyu a `KARBA`, 150 da lambar webil na farko, 50 da na biyu, bar su haka, Excel ne zai tara, kai kuma in rigima ta tashi kana iya nuna wace mota ce ta kawo me.

Farashin da za ka kwafa wanda babu haraji a ciki ne. Harajin bat, wato VAT, a Najeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, kuma abin da yake rikita mutane shi ne wani safulaya yana cusa shi cikin farashin kowane kaya wani kuma yana sa shi a ƙasa a layin `VAT`. In ka ga farashin inbois ya haura na oda a kowane layi, raba ɗaya da ɗaya, in 1.075 ya fito to ba ƙari aka yi maka ba, haraji ne a ciki, cire shi kafin ka shigar.

Kuma don Allah kada ka haɗa da sunan kaya. Mu mun rubuta "sabulun wanki babba", su sun rubuta sunan kamfani da giram, mai sito ya rubuta "sabulu ja". Lamba ita ce ba ta canzawa. In lambarsu daban ce da tamu, to tamu za a riƙa shigarwa, ka ajiye ɗan jadawali a gefe mai nuna tasu da tamu.

Makulli

Lambar oda kaɗai ba ta isa ba tunda oda ɗaya kaya uku ne, lambar kaya kaɗai ma ba ta isa ba tunda sabulun nan duk wata ana sayensa. Sai an ɗaure su biyun sun zama abu ɗaya, shi nake kira makulli. A G2 na duka shafuka ukun:

```
=TEXT(A2,"0000")&"|"&UPPER(TRIM(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160),"")))
```

Zai ba ka `0417|SB01`. Kowane ɓangare na fomular nan akwai ciwon da yake magani. Excel yana cinye sifilin gaba, ka buga 0417 ya mayar maka 417, shi ya sa `TEXT` yake dawo da shi, amma lambar zalla za ka buga a A, ban da haruffan da ke gabanta. `TRIM` yana share tazarar da yatsa ya ƙara a ƙarshe ba a sani ba. Shi kuwa `CHAR(160)` wata tazara ce makira da take biyo rubutu in ka kwafo daga PDF ko shafin intanet, ido ba ya bambanta ta da ta yau da kullum kuma `TRIM` ba ya taɓa ta, na taɓa yin awa guda ina kallon lambobi biyu iri ɗaya sak Excel yana ce min ba ɗaya ba ne, ashe ita ce. Wani abu kuma, kada lambar kaya ta ƙunshi alamar tauraro ko ta tambaya, don fomulolin da ke tafe suna ɗaukarsu da ma'anar "ko mene ne", sai su tara maka abin da ba nasa ba.

Awo, a nan yawancin ɓarnar take ɓuya

In ka kwatanta man shafawa yadda yake a takardu, oda 50, karɓa 200, sai ka ɗauka an kawo ninki huɗu, farashi kuma 9,300 a kan 36,000 kamar an yi mana araha. Duk ba haka ba ne, katan ɗaya dozin 4 ne. Sai an mayar da komai awo ɗaya kafin a yi magana, ni awon oda nake bi tunda a kansa aka yi ciniki.

Buɗe shafi na huɗu, `AWO`. A kolum A kaya da awonsa, a B katan nawa ne wannan awon. `MS03|CTN` 1 ne, `MS03|DZN` 0.25 ne, wato `CTN` katan, `DZN` dozin, kuma da waɗannan haruffan za ka riƙa rubuta awo a kolum D na shafuka ukun, haka sabulu da omo kowanne katan 1. Wannan adadin kada ka ɗauko shi daga ka, ka shiga sito a farke katan a ƙirga, don kamfanoni suna canza zubi, katan ɗin da ka sani da guda 48 sai ka wayi gari ya koma 36 kuma lambar ba ta canza ba. In ninkin ba ya rabuwa tsaf, kamar ɗaya cikin sha biyu, rubuta `=1/12` a gidan, kada ka buga 0.083, in ba haka ba guntun bambanci zai riƙa tada maka tuta a banza.

Sai ka koma shafuka ukun, H2, I2 da J2 a jere:

```
=VLOOKUP(MID(G2,6,30)&"|"&UPPER(TRIM(D2)),AWO!A:B,2,FALSE)
=ROUND(C2*H2,2)
=ROUND(E2/H2,2)
```

Ta farko tana yanko lambar kaya daga makulli ta nemo ninkin, ta biyu adadi a katan, ta uku farashin katan. Dozin 200 sau 0.25 ya zama katan 50, adadi ya zauna daidai. Amma 9,300 raba 0.25 ya ba da 37,200, mu kuwa 36,000 muka yi. Ga shi nan, naira 1,200 a kowane katan, ta ɓuya a bayan canjin awo, ba wanda zai gan ta da ido.

In `#N/A` ya fito a H, yana nufin an kawo awon da ba ka sa a `AWO` ba. Mutane da yawa suna lulluɓe shi da `IFERROR` don shafi ya yi kyan gani, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ƙararrawa ce kake toshewa da tsumma. Bar shi ya yi muni har ka gyara.

Tara adadi da tada tuta

Shafi na biyar `DUBA`. A kolum A ka zuba makullan da ke `ODA`, kowanne sau ɗaya. B2, C2, D2:

```
=SUMIFS(ODA!I:I,ODA!G:G,A2)
=SUMIFS(KARBA!I:I,KARBA!G:G,A2)
=SUMIFS(INBOIS!I:I,INBOIS!G:G,A2)
```

Dalilin da ya sa `SUMIFS` ne ba `VLOOKUP` ba, shi `VLOOKUP` na farko da ya tarar yake ɗauka ya tsaya, da shi ka yi da sai ya ce sabulu 150 kawai aka kawo, ka ɗaga waya kana yi wa mutane faɗa a kan katan 50 da suke jibge a sitonka. Sai tutar a E2:

```
=IF(D2>C2,"RIKE",IF(C2>B2,"RARA",IF(C2>D2,"BA INBOIS",IF(C2<B2,"SAURA","DAIDAI"))))
```

Jerin tambayoyin ba haka kawai na yi shi ba. Wadda take fitar da kuɗi ita ce a gaba, wato ana neman mu biya fiye da abin da ya shigo, wannan a riƙe. Ta biyu an kawo fiye da oda, nan ba akanta ne zai yanke ba, wanda ya ba da odar ne zai ce a karɓa ko a mayar, don wasu safulaya dabara ce, su tura maka rarar kayan da ya ƙi tafiya su sa a inbois. Ta uku kaya sun shigo inbois bai zo ba, ba matsala ba ce yau amma bashi ne a kanmu, ƙarshen wata sai an san da shi. Ta huɗu akwai ragowar kaya a hanya.

A misalinmu sabulu 200, 200, 200, `DAIDAI`. Man shafawa 50, 50, 50, `DAIDAI` a adadi. Omo 120, 117, 120, `RIKE`. Ka lura layin omon nan da oda da inbois kawai aka haɗa da ya wuce sumul, adadi ɗaya farashi ɗaya.

Farashi kuma a shafin inbois ake duba shi

Farashi ba a tara shi, kowane layin inbois da kansa zai amsa, don oda ɗaya tana iya zuwa da inbois biyu, na farko a tsohon farashi na biyu a sabo. A K2 na `INBOIS`:

```
=J2-INDEX(ODA!J:J,MATCH(G2,ODA!G:G,0))
```

Sifili lafiya. Man shafawa zai nuna 1200. Wannan fomular tana da wani amfani na biyu da nake so ƙwarai, in `#N/A` ya fito to an caje mu kayan da babu shi a odar sam, ko kuɗin lodi, ko kuɗin mota da ba a yi maganarsa ba, ko kuma lambar oda ce aka sa ba daidai ba. Shafin `DUBA` ba zai taɓa kama wannan ba tunda shi daga oda yake farawa, abin da ba ya cikin oda ba ya ma ganinsa. Irin wannan duban na baya ka yi wa `KARBA` ma da `MATCH` kaɗai.

Iyakarta ɗaya, in kaya ɗaya ya fito sau biyu a oda ɗaya da farashi daban-daban, na farkon za ta ɗauka. In hakan yana faruwa a wurinku sai ka bambanta su da harafi a ƙarshen lambar kayan, har a `AWO`.

Maganar sassauci kuma, wato bambancin da za a kau da kai. A farashi ni naira 1 nake bari saboda gutsuren kwabo da rabawa take haifarwa, a adadi kuwa in abin ƙirgawa ne sifili, katan ko yana nan ko ba ya nan. Kayan sikeli ne ake iya ba su ɗan rangwame don danshi da bambancin sikeli, shi ma a rubuta shi a cikin oda tun farko. Ban son sassaucin kaso cikin ɗari a farashi, ka ce kashi 2 ba komai, ranar da safulaya ya gane sai kowane inbois ya riƙa zuwa da ƙarin da bai kai kashi 2 ba, kuma bambancin da ya yi ƙasa, wato an caje mu ƙasa da oda, shi ma a duba, sau da yawa alama ce ta an kawo ƙaramin sayis.

Nawa ne a ƙasa

Inbois ya ce 1,900,000 na sabulu, 1,704,000 na omo, 1,860,000 na man shafawa, jimla 5,464,000, da haraji 409,800 ya kama 5,873,800. Abin da ya kamata mu biya kuwa, sabulu yana nan yadda yake, omo 117 sau 14,200 wato 1,661,400, man shafawa 50 sau 36,000 wato 1,800,000, jimla 5,361,400, haraji 402,105, duka 5,763,505. Tsakani akwai naira 110,295: 42,600 na omon da ya jiƙe, 60,000 na ƙarin farashi, sai 7,695 harajin da ya hau kansu, wanda shi ake yawan mantawa a cire.

Bayan tuta ta tashi

Kada ka ɗauki biro ka soke adadin inbois ka rubuta naka. Takardarsu ce, a littafinsu 5,873,800 za ta ci gaba da zama a kanka, ƙarshen shekara su zo da sitetimen suna bin ka bashi, mai odit ma ba zai karɓi inbois mai gyaran biro ba. Abin yi shi ne ka tura musu hoton webil mai sa hannun direba da kwafin oda, ka rubuta layin da adadin ƙarara, su aiko da takardar ragi ko su soke inbois ɗin su buga sabo. Takardar ragi in ta zo a `INBOIS` za ka shigar da ita, omo adadi -3, nan take D zai koma 117 tutar ta sauya daga `RIKE` zuwa `SAURA`, sai wanda ya ba da oda ya ce ko ana jiran katan ukun ko a rufe. In sabon inbois suka buga, cire layukan tsohon, in ka bar su adadi zai ninka tutar ta ce `RIKE`. Af, ta wannan hanyar ce ma ake kama inbois da aka kawo sau biyu ko da an canza masa lamba, tunda kaya sau ɗaya suka shigo.

Kafin ka kira safulaya a kan farashi fara leƙa ofishin oga. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na hau sama a kan ƙarin farashi, sai a ce min ai an yi waya da Alhaji tun satin da ya wuce dala ta tashi ya amince. Na je na same shi na ce "Ranka ya daɗe, man shafawan nan 36,000 ne a oda, sun sa 37,200", ya ce "Eh haka ne, mun yi magana, biya su kawai". Na ce to a taimaka a sa min hannu a gyaran oda, don bayan wata shida ba wanda zai tuna wayar nan, ni za a tambaya. In ya sa hannu sai ka gyara farashin a `ODA`, ka rubuta ranar da wanda ya amince a gefe, kada ka share tsohon ba alama.

'Yan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci, tsarin ɗaya ne, sunayen fomula ne suka bambanta, `SUMIFS` shi ne `SOMME.SI.ENS`, `VLOOKUP` kuma `RECHERCHEV`, sannan `;` ake sawa tsakani a maimakon waƙafi.

Abin da shafin nan ba zai iya ba shi ne ganin cikin katan. In mai sito da direba sun haɗa baki an rubuta 120 alhali 110 aka sauke, takardu uku za su yi daidai tsaf, tuta ta ce `DAIDAI`. Shi ya sa wanda yake ba da oda, da wanda yake karɓa, da wanda yake biya bai kamata su zama mutum ɗaya ba, ko a ƙaramin shago a raba biyu aƙalla, kuma lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba ka ɗauki kaya biyu ko uku daga `KARBA`, ka cire abin da aka fitar, ka shiga sito da kanka ka ƙirga abin da ya rage a ƙasa.